Ciniki 100 a tarihi: har ina jari zai iya zaftarewa?

Ɗan Nima: Assalamu alaikum. Ina da tarihin ciniki 100 da na yi a kan zinare: 45 sun ci, kowanne sidi 300, 55 sun faɗi, kowanne sidi 200. Riba ta tashi sidi 2,500 a kan jarin 10,000. Zaftarewa mafi zurfi da na gani, daga ƙololuwar jari zuwa inda ya tsaya kafin ya farfaɗo, sidi 1,800 ce. Ina son ninka abin da nake sakawa. Waɗanda suka taɓa sake ɗibar tsofaffin sakamako don auna wannan, me kuka tarar?

Hajiyar Asawase: Wa alaikumus salam. Ƙanena, dakata da ninkawar nan. Wannan 1,800 jeri ɗaya ne kawai da Allah ya kawo maka. Na gwada alƙalumanka yadda nake gwada nawa. Na zuba sakamakon a layin A na Excel, a wani layi kuma na ja wannan har gida 100:

```
=INDEX($A$1:$A$100,RANDBETWEEN(1,100))
```

Kowane gida yana zaro ciniki ɗaya ya mayar, don haka wani zai fito sau uku, wani ba zai fito ba sam. Sai ka tara jari gida-gida, ka riƙe mafi girman da ya taɓa kaiwa, ka cire na yanzu daga ciki, ka rubuta giɓi mafi faɗi. Haka za ka maimaita sau 1,000, ka jera giɓoɓin daga ƙarami zuwa babba. Na tsakiya ya fito kusan sidi 1,900, na 950 kuma kusan 3,700. Wato a jeri ɗaya cikin ashirin, sama da sulusin jarinka zai tafi alhali dabararka ba ta lalace ba. In ka ninka, sidi 7,400 ke nan cikin 10,000. Za ka iya barci a kan haka?

Mai Albasa, Aboabo: Mu ma a 2022 mun ga zaftarewa. Ka sayar da buhu yau, gobe sidin ba ya sayo maka wani. Wane lissafi ne zai hango wannan, Hajiya?

Hajiyar Asawase: Alhaji, faɗuwar darajar sidi daban ce da abin da yake tambaya, amma ka taɓo gaskiya. Abin da bai shiga layin A ba, ba zai taɓa fitowa ba ko sau dubu goma ka zara. In babu mummunar rana a tarihinsa, lissafin ma ba shi da ita.

Malamin Lissafi, Mamobi: Ni ba na zara da mayarwa. Cakuɗa jerin kawai nake yi, kowane ciniki ya fito sau ɗaya. Duk ɗaya ne, kuma ya fi tsabta.

Hajiyar Asawase: Malam, a tsakiya suna kusa, amma ba ɗaya ba ne. In ka cakuɗa nasa, kowane jeri a ribar 2,500 zai ƙare, domin 45 ɗin nan ba ta motsi. In ana mayarwa, wani jerin zai samu ci 38, wani 52, kuma kusan 13 cikin 100 za su ƙare da asara. Munanan jerin nan su ne cakuɗawa take ɓoye maka.

Malamin Lissafi, Mamobi: Na karɓi wannan. Sai dai faɗuwa a jere ba ta buƙatar kwamfuta: da cin kashi 45, faɗuwa shida ko bakwai a jere abu ne na kullum cikin ciniki 100, goma a jere kuma tana zuwa wa kusan mutum ɗaya cikin goma.

'Yar Sabon Zango: Ni abin da ya same ni daban ne. Gwajina ya nuna da wuya zaftarewar jarina ta wuce kashi 15, ban rufa wata uku ba ta kai 22. Da na koma littafina sai na ga asarorina a dunƙule suke, duk a makonnin da kasuwa ta ƙi gaba ta ƙi baya. Zarar ɗaya-ɗaya ta wargaza su, ta sa abin ya yi kyau. Yanzu biyar-biyar nake ɗiba yadda suka zo a jere, kuma lambar ta hau sosai. Yaya, ka fara duba ko faɗuwarka tana bin juna fiye da yadda Malam ya lissafa.

Ɗan Nima: Na duba, tara a jere ce mafi tsawo, ga wata takwas. Biyar-biyar zan ɗiba ko goma-goma?

'Yar Sabon Zango: Ni biyar ta yi mini.

Hajiyar Asawase: Da ciniki 100, goma-goma ya yi yawa a ganina, guntaye goma kacal za su haɗa kowane jeri. Gwada uku, biyar da goma, ka turo mana na 950 na kowanne mu gani.