Sata a sito: a kore shi yau, ko sai an ji ta bakinsa?

Mai injin shinkafa: Buhu 40 sun ɓace a sitona, makulli kuma a hannun mutum ɗaya yake, mai kula da siton. Manajana ya ce babban laifi ba ya buƙatar wani zama, in rubuta takardar kora kawai. Ni ma haka na gani. Ko da mai ja?

Akawu: Manajanka ya yi gaskiya. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya bar wa mai aiki damar sallamar mutum ba tare da notis ba idan laifin ya kai. Ɓarawo kuma za a tsaya yi wa kara?

Lauya: Akawu, notis daban, jin ta bakin mutum daban. Abin da babban laifi ke ɗauke maka shi ne notis ɗin, ko albashin da ake biya a madadinsa. Bai ɗauke maka sauraro ba. Alhaji, fara da takardar tuhuma, wadda ma'aikata ke ce wa kwiri. Kada ka rubuta "rashin gaskiya" ka yi shiru. Ka ce ranar kaza an ƙirga kaya, littafin sito ya nuna buhu 500, an tarar da 460, ya yi bayani a rubuce. Haɗa masa kwafin shafin da aka yi ƙidayar, ya sa hannu cewa ya karɓa. Ma'aikatan gwamnatin tarayya awa 72 ake ba su, kai kuma duba littafin ƙa'idojin kamfaninka, abin da ya ce shi ya ɗaure ka.

Tsohon direba: Ni a bakin get aka miƙo min tawa takardar korar, da safe, ko kayana ban ɗauka ba. Wai na sayar da dizal. Da an tambaye ni da na nuna musu tankin da ke yoyo, bakanike ma ya sani. Har yau abin na ci min rai. Alhaji, don Allah ka tambayi yaron nan ko akwai wani makulli.

Hajiya ta ofishin ma'aikata: Allah ya saka maka, Malam. Abin da kake faɗa shi ne amfanin zaman. Mu idan amsa ta zo ya musanta, sai a kafa kwamiti, a sanar da shi rana a rubuce, ya zo da abokin aiki ko wakilin ƙungiya. Mai gadi da wanda ya yi ƙidaya su yi magana a gabansa, ya yi musu tambaya, a rubuta komai. Kuma manajan da ya kawo ƙarar shaida ne, ba ya zama cikin masu hukunci. A nan na ga kamfanoni sun fi faɗuwa.

Lauya: Hajiya, wannan ne ya fi tsari, amma ba koyaushe doka ke tilasta zaman ba. A shari'ar Imonikhe da Unity Bank ta 2011, Kotun Ƙoli ta ce kwiri da amsarsa sun isa sauraro. Idan ya amsa laifi a rubuce, magana ta ƙare. Idan ya ce manaja ma na da makulli, to ni ma ba zan bari a sa hannu ba sai an zauna.

Akawu: To ai sata ce, ba sai kotu ta same shi da laifi ba tukuna?

Lauya: Ɗazu kana cewa a kora yau! An daɗe ana kafa hujja da shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri ta 1986 kan haka. Amma a ta Yusuf da Union Bank, 1996, Kotun Ƙoli ta ce mai aiki ba sai ya jira hukuncin kotu ba, muddin ya saurari ma'aikacin.

Mai injin shinkafa: Kafin nan in bar shi da makullin?

Hajiya ta ofishin ma'aikata: A'a, karɓi makulli, ka dakatar da shi a rubuce, ka sa wa'adi. Sai dai kada ka tsayar da albashi in takardar ɗaukarsa aiki ba ta ba ka wannan damar ba. In aka kai ga kora, takardar ta faɗi laifin da aka tabbatar, wanda ke cikin kwirin, ba wani sabo ba. Ta kuma faɗi wurin wa zai ɗaukaka ƙara da cikin kwana nawa, wanda ba shi ya yanke hukuncin farko ba.

Lauya: Ɗaukaka ƙara a cikin gida Dokar Ƙwadago ba ta wajabta ba, sai in kun rubuta a ƙa'idojinku. Amma ƙofar Kotun Ma'aikata ta Ƙasa a buɗe take, tana da reshe a Kano, kuma tana duba Yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya duk da Najeriya ba ta rattaba mata hannu ba. Da wuya ta ce kamfani mai zaman kansa ya mayar da mutum aiki, amma takan ce korar ba ta kan ƙa'ida, a biya haƙƙoƙi da diyya.

Hajiya ta ofishin ma'aikata: Ni dai ko ba a wajabta ba ina sa shi. Sau biyu ya hana mu korar wanda bai ci ba.

Mai injin shinkafa: Ni ne mai kamfanin, ni zan sa hannu. Wurin wa zai ɗaukaka ƙarar kenan? Kuma gaskiya manajan na da makulli ɗaya.