Na'urar awo ta lalace: yaya zan rubuta wa malamina batun sabon jadawali?

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina karatun digiri na biyu a fannin noma a nan Maraɗi, ina auna sinadarin fosfaras a ƙasar gonakin hatsi da hanyar Bray-1. Samfuri 120 ne, na gama 70 sai na'urar auna kaurin launi ta fara wasa bayan wata ɗaukewar wuta. Ina saita ta a 882 nm da ruwan gwaji mara komai, kafin in juya lambar ta gusa daga sifili, kuma ruwa ɗaya yana ba ni amsa biyu. Mai kula da ɗakin gwaji ya ce fitilar ciki ce, sai an yi odar wata.

Busasshiyar ƙasar tana nan lafiya. Ruwan da na tace daga ƙasar ne ba zai jira ba, balle shuɗin launin da na'urar ke aunawa a cikinsa, wanda ba ya wuce kwana ɗaya, dole in sake tacewa.

Wasiƙar ce ta tsaye mini. Farfesa na jiran sakamako a ƙarshen Maris, kuma ba mutum ba ne mai son kwana-kwana. Na yi tunanin ba shi zaɓi biyu: in fitila ta zo, mako uku in gama; in ba haka ba, in kai samfuran Yamai, mako shida. Amma in na canza na'ura, shin 50 ɗin da suka rage kawai zan auna, ko sai na maimaita wasu daga cikin 70 don a gwama? Kuma ya dace in sa tsayayyar rana alhali zuwan fitilar ba a hannuna yake ba?

Wanda ya taɓa rubuta irinta, don Allah ya nuna mini yadda ya tsara.