Shafina na nuna "Not secure", yaron da ya haɗa min na neman dubu 40, in biya?

Mai Shinkafa BK: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina sayar da shinkafa 'yar gida a nan Birnin Kebbi, bara wani yaro ya haɗa min shafi inda mutane ke cike suna da lambar waya da yawan buhu sannan su ga lambar akawun su tura kuɗi. Jiya wata kwastoma daga Abuja ta fasa oda wai ta ga "Not secure" kuma ba kwaɗo a sama. Na kira yaron ya ce sai na ba da dubu 40 a sayo satifiket, kuma duk shekara ne. Gaskiya ne ko so yake ya yanke ni? Shi kwaɗon ma me yake yi?

Ɗan Jega: Wa alaikumus salam. Alhaji biya kawai ka huta, kwaɗon nan shi ka nuna ma mutane shafinka na gaskiya ne ba na 'yan damfara ba. Mu da munka buɗe na shagonmu haka munka biya.

Injiniya Gusau: Ɗan Jega a nan kam ban yarda da kai ba. Kwaɗo ba shaidar gaskiyar mai shafi ba ne, ɗan damfara ma cikin minti biyar zai sa wa nasa shafin, yawancin shafukan bogin da ake turowa wai tallafi ko rijistar aiki ai da https suke zuwa. Shi ya sa ma Chrome tun 2023 suka cire hoton kwaɗon suka sa wata 'yar alama mai kamar maɓallan saiti, don mutane na yi masa fassarar da ba ita ba.

Alhaji ga aikinsa. Lokacin da matar nan ta buɗe shafinka, saƙon ba tashi yake daga wayarta ya dira sabarka, wato kwamfutar da shafinka ke zaune a kanta, kai tsaye ba, sai ya bi ta wayfai ɗin ofis ko otal ɗin da take, ya bi ta kamfanin layi, ya bi ta na'urori da yawa da ba kai ba ita ba wanda ya san masu su. In http ne zalla, kamar ka ba direban tasha wasiƙa ba ambulan ne, duk hannun da ta bi zai iya karantawa. Kuma karantawar ma ba ita ta fi damuna a harkarka ba, canzawa ce. Wanda ke riƙe da wayfai ɗin zai iya sauya abin da ke shafin kafin ya iso wayar, ya cire lambar akawun ɗinka ya sa tasa, ita ta ga sunan shagonka da hoton buhunanka yadda suke ta tura kuɗin buhu goma, kai kana zaune kana jiran alat. Da https an kulle saƙon tun daga waya har saba, na tsakiya zai san dai ta shiga shafi mai suna kaza amma bai ganin abin da ta cike kuma bai iya taɓa ko harafi ɗaya. Satifiket ɗin kuma shi ke tabbatar wa wayar cewa sabar da ta amsa ita ce ta wannan sunan, ba wani ne ya tare hanya ya ce shi ne kai ba. Iyakarsa ke nan, bai san ko shinkafarka da tsakuwa ko babu ba.

Don haka buƙata kam kana da ita, matar ba ta yi laifi ba. Kuɗin ne dai ban ga dalilinsu ba tukuna. Kafin in ƙara magana, rubuta https:// da hannunka a gaban sunan shafin ka buɗe, ka faɗa mana abin da ya fito, har ƙananan rubutun da ke ƙasa.

Maman Walid: Ni ma kwanaki haka tawa ta yi ta min, ko wane shafi na buɗe sai jan rubutu, har na ɗauka an yi min kutse na je na cire kuɗina a POS. Ashe kwanan watan wayar ne ya koma baya bayan an canza min batir a kasuwa. Alhaji duba agogon wayarka tukuna

Injiniya Gusau: Hajiya naki daban ne amma yana faruwa sosai. Kowane satifiket da ranar farawa da ranar ƙarewa, waya kuma da agogonta take aunawa, in agogo ya ɓace sai ta ga duk na duniya ba daidai ba ta rubuta NET::ERR_CERT_DATE_INVALID. Banbancin, naki duk shafuka ne, na Alhaji shafi ɗaya ne kuma a wayar wata ma haka.

Mai Shinkafa BK: Na gwada. Ya fito da "Your connection is not private", a ƙasa NET::ERR_CERT_COMMON_NAME_INVALID

Injiniya Gusau: Yauwa. Ma'anarsa sabar ta miƙo satifiket amma sunan da ke jiki ba naka ba ne, galibi na kamfanin hostin da ya ba ka hayar sabar ne da kansa, wato ba a taɓa ciro naka ba. To ciro shi kyauta ne. Akwai wata ƙungiya Let's Encrypt, tun ƙarshen 2015 suke bayarwa ba ko kwabo, kuma ƙarfin kullewarsa ɗaya da na kuɗi, ba wani nasu ya fi tauri. Abu ɗaya suke tambaya kafin su ba ka, shin kai ke da iko da wannan sunan? Kuma ba takardar CAC ko NIN za ka kai ba, na'ura ce ke gwada na'ura. Za su ba sabarka wani dogon rubutu su ce ajiye shi a wani lungu na shafin mai suna /.well-known/acme-challenge/ sai su zagayo ta waje su buɗe sunan shafinka su duba, in sun tarar da rubutun a wurin shi ke nan sun yarda sabar taka ce, su sa hannu su ba ka. Duk wannan cikin daƙiƙoƙi.

Kai ba sai ka yi komai da hannu ba in hostin ɗinka na cPanel ne kamar yawancin na Najeriya. Karɓi suna da fasawod a wurin yaron, dama haƙƙinka ne kai ka biya, shiga ka nemi SSL/TLS Status, za ka ga sunan shafinka da www da wanda ba www, danna Run AutoSSL ka jira minti kaɗan. In ba ka ga maɓallin ba to kamfanin ne bai kunna wa fakitinka ba, yi musu magana, wasu da gangan suke rufewa don su sayar maka da nasu.

Abba Sokoto Road: Ni dai certbot nake amfani da shi, layi ɗaya ne

```
sudo certbot --nginx -d example.com -d www.example.com
```

Injiniya Gusau: Abba wannan na mai VPS ne da ke shiga saba da kansa, kar ka rikita mana dattijo.

Mai Shinkafa BK: Da ƙyar ya ba ni fasawod ɗin, sai da na ce zan je wurin babansa. Ƙanena ya shiga da laftof ya danna. Wanda ba www ya yi kore, amma na www ya tsaya da ja da dogon Turanci, akwai kalmar DCV a ciki

Injiniya Gusau: Madalla an ci rabi. DCV ɗin nan shi ne gwajin da na ce, sun zo dubawa ta sunan www ba su tarar da rubutun ba. Kusan kullum dalili ɗaya ne, sunan www na nuna wata saba daban ko ba ya nuna ko'ina. Ka ce wa ƙanenka ya buɗe cmd ya buga waɗannan, ya sa sunan shafinku a madadin example.com

```
nslookup example.com
nslookup www.example.com
```

Lambobin da za su fito a ƙasa su zama iri ɗaya. An taɓa canza hostin?

Mai Shinkafa BK: Ba ɗaya ba ne kam. Eh bayan sallah babba ya ce ya mayar da mu wani kamfani mai sauƙi

Injiniya Gusau: To ga ta nan, ya kwashe kaya ya bar www na nuna tsohon gida. A je inda ake sarrafa DNS na sunan, wato rijistar da ke faɗin wace saba sunan ke nunawa, in a cPanel ne Zone Editor ake ce masa, in ba nan ba to wurin da aka sayi domen ɗin. A goge tsohon layin www a sa CNAME da ke nuna sunan shafin kansa. Wani lokaci minti goma ya kama, wani lokaci sai an yi awanni, in nslookup ya nuna sun daidaita a sake Run AutoSSL.

Saura biyu kar a bari. Na farko cikin Domains a kunna Force HTTPS Redirect, in ba haka ba duk wanda ke da tsohon linkin da ka raba a guruf-guruf zai ci gaba da shiga ta http ya ga "Not secure" ɗin nan alhali satifiket na nan zaune. Na biyu in WordPress ne a shiga Settings sai General, akwatuna biyu na adireshi a mayar da su https. Ko bayan nan in ka ga wasu hotuna sun ɓace ko alamar sama na gargaɗi, tsoffin hotunan ne ke ɗauke da adireshin http a jikinsu, sai an bi an gyara, wannan kam aikin yaron ne.

Ɗan Jega: To mu da munka biya asara munka yi ke nan? An ce min na kyautar wata uku yake mutuwa

Injiniya Gusau: Kwana 90 ne gaskiyarka, amma na'urar ke sabuntawa da kanta tun kafin ya ƙare, ba ruwan mai shafi. Matsalar kawai in wani ya sake taɓa DNS sabuntawar ta kāsa shiru ba wanda ya sani sai ranar da jan shafi ya tare kwastoma, kuma Let's Encrypt sun daina tura imel na tuni tun 2025, don haka lokaci-lokaci a danna alamar sama a duba ranar ƙarewa. Na kuɗi akwai wanda ake binciken kamfani a rubuta sunansa a ciki, bankuna da manyan kamfanoni ke saye. In irin na gwajin suna kaɗai aka sayar maka to abin da ake rabawa kyauta ka saya.

Malama Argungu: Ni ina ganin kar a yi wa yaron nan rashin adalci, ko satifiket kyauta ne zaman gyaran hotuna da duba sabuntawa ai aiki ne. A ba shi na aiki, amma ya kira shi da sunansa.

Mai Shinkafa BK: Malama shi fa ya ɓata www ɗin da hannunsa, na aikin me zan ba shi. Alhamdulillahi yanzu duka biyun sun yi kore, matar Abuja ma na tura mata. Sai dai wani dillalina na Kamba ya ce shi a wayarsa har yanzu "not private" yake gani, ya ce agogonsa daidai ne

Injiniya Gusau: Tambaye shi Android nawa ce. In ta gaza 7.1.1 ba ta san sa hannun Let's Encrypt ba, tun 2024 irin waɗannan wayoyin suka fara ƙi. In yana da Firefox a wayar ya gwada ta, ita da nata jerin masu sa hannun take zuwa. In kuma sabuwa ce ya turo sikirinshot har da rubutun ƙasan.

Mai Shinkafa BK: Ya ce sai ya dawo daga gona ya sa caji