Jadawalin tallan 2026: Sallah, komawa makaranta ko kaka, ina zan zuba kuɗin?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina sayar da takalma da jakunkunan yara, yawancin cinikina ta WhatsApp da Facebook ne. Kusan rabin masu sayen kayana ma'aikata ne, sauran iyalan manoma. Ina so in tsara tallan shekarar 2026 tun yanzu, amma kuɗin da na ware ba zai ɗauki tallan biya fiye da sau biyu ba. Ga ƙaramar Sallah, ga babba, ga komawa makaranta a Satumba, ga kaka. Wanne biyu zan ɗauka? Sannan wani yaro ya ce zai tsara min na wata goma sha biyu, ya jera komai ya riƙa fita da kansa, kuɗin aikinsa ya kai ribar wata guda. In ba shi ko in yi da kaina?

Sarkin Zolaya:
Hajiya ki ɗauki ranar da aka biya albashi. Ita ce Sallar da ba a jiran ganin wata.

Anti Mai Turare:
Ki riƙa sa hoto kullum sau uku, safe, rana, dare. Ni haka nake yi kuma Alhamdulillahi. Ba sai da wani jadawali ba.

Maman Biyu:
Anti ina sawa kullum ai. Maganar inda zan kashe kuɗin tallan nake yi.

Tela Mai Haƙuri:
Hajiya, don Allah kar ki ba kowa shekara guda a dunƙule. Ni na bayar, na ga abin da na gani. Wani na ba aikin a 2024, ya yi kyau, sai na ce ya maimaita min a 2025. Ashe bawan Allah kwafe ranakun ya yi ya canza shekara kawai. A 2024 ƙaramar Sallah ta kama 10 ga Afrilu, shi kuma ya sa tallan ya fara mako biyu kafin nan, wato 27 ga Maris. To a 2025 an yi Sallah a ƙarshen Maris. Tallan karɓar ɗinki ya fito saura kwana uku Sallah! Wa zai kawo maka yadi saura kwana uku? Waɗanda suka kira ma sai haƙuri na ba su, wasu har da zagi, wai me ya sa nake talla in ba zan karɓa ba.

Abin bai tsaya nan ba. Ranar 10 ga Afrilu da safe sai ga "Barka da Sallah" ya fito a shafina, mutane sun gama Sallah da kwana goma. Wani ya rubuta a ƙasa, "Tela, ko ɗinkinka ma haka yake zuwa." Wallahi har yau ana tsokanata da shi. Na ɗauki yara biyu ƙari saboda aikin da nake sa rai, na biya su suna zaune. Da na kira shi sai ya ce ai ban gaya masa Sallah tana matsawa ba. Mutum da azumi a bakinsa!

Sarkin Zolaya:
Tela ka yafe masa, ƙila shi a nasa lissafin ramuwa yake yi.

Anti Mai Turare:
Nawa ka biya shi? Ni wanda ya taɓa yi min tayi, ribar mako guda ya nema. Ribar wata guda kam an tsuga wa Maman Biyu.

Tela Mai Haƙuri:
Nawa ya fi na wata guda ma, Anti. Mai ribar mako ai hotuna kawai zai jera miki.

Malamin Lissafi:
Abin da ya sami Tela ba sabon abu ba ne. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta Miladiyya 365, don haka azumi da Sallah suna matsowa da kamar kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara. A 2030 ma Ramadan sau biyu zai shigo, a Janairu da ƙarshen Disamba. Kirsimeti ce take zaune a 25 ga Disamba, Ista kuwa ita ma tana yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu.

Hajiya, ni abin da zan ce shi ne kar ki rubuta ranar fara talla da hannu. Ki rubuta ranar bikin kaɗai, sauran ki ƙirga baya. A Excel ko Google Sheets, in ranar Sallah tana B2, sai ki sa wannan a ɗakin da ke gefe:

```
=B2-42
```

Wannan ita ce ranar yin odar kaya, mako shida kafin biki. Ki yi irinsa da 28 na ranar fara nuna kaya, da 21 na tallan biya, da 4 na ranar rufe karɓar aike. Ana sa ran ƙaramar Sallar 2026 wajen 20 ga Maris. Kin ga oda 6 ga Fabrairu, nuna kaya 20 ga Fabrairu, tallan biya 27 ga Fabrairu, rufe aike 16 ga Maris. Baɗi ki canza B2 kawai, komai ya bi.

Ki lura da 27 ga Fabrairun nan. Sallar 20 ga Maris za ta zo kafin albashin Maris, ke nan ma'aikacin da zai saya wa ɗansa takalmi da albashin Fabrairu zai saya. In kika jira goman ƙarshe, kina talla ne ga mutanen da aljihunsu ya riga ya bushe. Gaisuwar Sallah kuma kar a jera ta ta fita da kanta, a bar ta a rubuce sai an sanar da ganin wata.

Ɗan Kasuwa Tun Yaro:
Malam, da girmamawa, ka taɓa sayar da ko allura? Mu da muke cikin kasuwa mun san goman ƙarshe ake ciniki. Daren Sallah ma har asuba ake saye.

Malamin Lissafi:
Ni nake riƙe wa matata lissafin shagonta, Alhaji. Kai mai shago ne a bakin hanya, mutum ya zo ya gwada ya tafi da kaya. Hajiya aikawa take yi. Takalmin yaro in bai yi ba sai an dawo da shi an canza lamba, wannan kaɗai kwana nawa ne?

Ɗan Kasuwa Tun Yaro:
Riƙe littafi daban, tsayawa da mai saye daban.

Anti Mai Turare:
Ni dai a goman ƙarshe tallan ya fi min araha, saƙonni kamar ruwa.

Maman Biyu:
Ikon Allah. Ni kuwa bara a goman ƙarshe abin da nake kashewa kafin mutum ɗaya ya turo saƙo sai da ya kusa ninkawa.

Malamin Lissafi:
Duka biyun za su iya faruwa. Tallan Facebook gwanjo ne, in masu talla sun yi yawa a kan mutane ɗaya farashi yana hawa. Turare kuma abu ne da ake saye a minti na ƙarshe, ba ya buƙatar gwaji. Hajiya ki buɗe saƙonninki na bara ki ƙirga, ba waɗanda suka tambayi farashi ba, waɗanda suka biya, mako mako. Shi zai raba ni da Alhaji.

Baban Gona:
Duk kun manta da rabin mutanenta. Ni manomi ne, bari in faɗa miki yadda kuɗi yake shiga hannunmu. Babbar Sallar 2026 ana sa ranta wajen 27 ga Mayu. A wajenmu lokacin ne ake sharar gona, ana neman iri da taki da kuɗin huɗa, ga kuma dabbar layya. Takalmin yaro shi ne na ƙarshe a layi, yawanci na ƙaramar Sallah za a goge masa, tunda tsakaninsu wata biyu ne da 'yan kwanaki, ƙafar ba ta ƙaru ba. Da ni ne ke, ba zan sa ko sisi a nan ba.

Satumba kuma ita ce mafi tsanani gare mu. Na bara ya ƙare, na bana bai nuna ba, ga kuɗin makaranta. A lokacin ki nuna mana mai araha mai ƙarko, ko gyaran zif ɗin jaka in kina yi. Sannan kar ki ɗauka ranar girbi ce ranar kuɗi. Sai an yanke, an shanya, an sussuke, kuma da yawanmu ba ma sayarwa nan take saboda farashi yana faɗuwa da kaka. Kuɗi na gaske yana fara yawo makonni bayan haka. Masu noman rani kuma nasu lokacin daban ne gaba ɗaya. Ki tambayi mutanenki me suke nomawa.

Malama Mai Aji Uku:
Ƙari a kan maganar Baba. Zangon farko ne ake sayen jaka da takalmi sabo, zango na biyu da na uku sai wanda nasa ya yage. Amma ki duba, komawar Janairu tana zuwa bayan manoma sun sayar, ƙila nan ne kakarki take. Kuma ki karɓi takardar hutu daga makarantun da 'ya'yan masu sayenki suke, don na gwamnati da na kuɗi ba lallai su koma rana ɗaya ba, ana kuma ɗaga ranar. Wasu ƙasashen ma a Janairu suke fara shekarar karatu, saboda haka kar ki kwafi jadawalin da kika tsinta a intanet.

Maman Biyu:
To ke nan ƙarshen Fabrairu ɗaya. Na biyun fa, Satumba don ma'aikata ko Janairu don manoma?

Ɗan Kasuwa Tun Yaro:
Satumba mana. Wa yake barin Satumba?

Baban Gona:
Wanda mutanensa ba su da kuɗi a Satumba.

Ɗan Kasuwa Tun Yaro:
Ku ai ko da kaka ba ku biya. "Sai an yi girbi, sai an yi girbi." Ina da littafi guda na 'yan sai-kaka, wasu tun kakar bara waccan.

Baban Gona:
Alhaji ba ni na ci bashinka ba. Kuma ku ma in kun ji "sai kaka" ai ƙara kuɗin kuke yi.

Maman Ɗalibai:
Ni Satumbar ma ta daina min amfani. Makarantar yarana yanzu ita take sayar da jaka mai tambarinta, da safa, har takalmi, kuma dole a wurinsu za ka saya. Na saya wa yarinyata baƙin takalmi mai kyau, ranar farko aka dawo da ita wai ruwan ƙasa ake so bana. Ba sanarwa, ba komai.

Malama Mai Aji Uku:
Mu malamai ba a tambayarmu, mu ma a ranar muke gani.

Tela Mai Haƙuri:
Yunifom fa? Da ni nake ɗinka wa unguwa guda. Yanzu makaranta ta ba mutum ɗaya kwangila, yadin ma wanki biyu ya koɗe.

Sarkin Zolaya:
Tela ka kwantar da hankalinka, tallan yunifom ɗinka zai fito ranar da aka ba da hutu.

Maman Biyu:
Maman Ɗalibai, jakar da suke sayarwa, su suke kawo ta ko wani suke ba ya kawo musu? Don in ana bayarwa ne ina so in san wa ake gani.

Maman Ɗalibai:
Ƙanwar mai makarantar ce take kawowa.