Analog yana tafiya da kansa: ku gwada saiti kafin ku sayi sabon hannu

Mai gyaran hannu: Jama'a, kafin ku yar da hannun gem don ɗan wasa yana tafiya ba ku taɓa komai ba, ku fara aunawa. Ku jona shi da kwamfuta, ku buɗe shafin gwajin hannun gem. Kowace analog tana nuna lamba tsakanin -1 da 1, kuma idan an sake ta ya kamata ta zauna kusa da sifili. Ku tura ta sama ku saki, ƙasa ku saki, hagu da dama ma haka, ku riƙe lamba mafi girma da ta tsaya a kai. Misali ta dama ta tsaya a 0.08: a Fortnite a kai `Deadzone` na dama, wato yawan motsin analog da wasan zai yi watsi da shi, zuwa 10%, ta hagu kuma a ƙyale ta idan lafiyarta ƙalau. A Call of Duty sunan saitin `Right Stick Min`. Da ɗaya-ɗaya ake ƙarawa har motsin ya tsaya.

Ɗan Fagge: Ai akwai ɗan rami a bayan hannun PS5, a danna da tsinke daƙiƙa biyar, shi ke nan.

Mai gyaran hannu: Ɗan'uwa, ramin nan matsalar haɗi yake warwarewa. A cikin analog akwai siririn layin gawayi da ɗan ƙarfe ke gogawa, idan ya cinye ko ƙurar hunturu ta shige, tsinke ba ya maganinsa.

Yar Zariya: Wanda ke wasa a kwamfuta ya duba Steam, `Settings` sannan `Controller`, akwai wurin saita `Deadzone`. Amma kada a zarce. Ni na lura da an haura 20%, saitin bindiga ya lalace: ka tura a hankali shiru, ka ƙara kaɗan sai ya zabura.

Mai gidan gem: Oga, nawa na PS4 ne, ina zan shiga?

Yar Zariya: PS4 da PS5 ba su da wannan saitin ga hannu na gama-gari, sai dai a cikin wasan idan ya tanada. DualSense Edge, hannun PS5 na musamman, shi ne ke da shi. Switch kuwa tana da `Calibrate Control Sticks`, wanda ke sake koya mata inda tsakiya take.

Mai gyaran hannu: Ku lura da halin lambar ma. Idan ta tsaya cak a 0.08, saiti zai rufe ta. Idan tana tsalle daga 0.05 zuwa 0.30 ba a taɓa ba, saiti ba zai riƙe ba. A kashe hannun, a ɗiga sifirit mai ƙarfi kaɗan a gindin analog, a juya ta, a bari ya bushe. Kada a fesa man sassauta tsatsa. In ta ci gaba, a canza analog ɗin kaɗai.

Ɗan Fagge: Sifirit ɗin nan ban yarda da shi ba, Oga. Duk wanda na ga an yi wa, ba a jima ba ya koma gidan jiya.