Bambancin 200 a kuɗin ruwa, ni na yi kuskure ko su?

Sa'adatu: Salamu alaikum. Ina neman wanda ya taɓa shiga irin wannan. Na karɓi rancen 730,000 a kan kashi 10 cikin 100 a shekara, ranar 15 ga Janairu 2024, na biya ranar 15 ga Afrilu. A lissafina kuɗin ruwan 18,000 ne, takardar waɗanda suka ba ni rancen kuwa ta ce 18,200. Ba yawan kuɗin ne ya dame ni ba, so nake in san inda ɗari biyun nan ta ɓullo.

Malam Garba: Wa alaikumus salam, Malama. Fara fitar da ruwan kwana ɗaya tukuna. Na shekara 73,000 ne, ki raba da 365, ya ba ki 200 cif. Kin ga bambancinku daidai yake da kwana guda, ke nan a ƙidayar kwanaki kuka saɓa, ba a kashin ba. Ina kyautata zaton wata uku kika ce, kika ninka da talatin. To ɗauko kalanda. Daga 15 ga Janairu zuwa ƙarshen watan kwana 16 ne, Fabrairun 2024 kwana 29, Maris 31, sai 15 na Afrilu. Jimla 91. Ninka da 200, ga 18,200 ɗinsu nan.

Sa'adatu: Wata-wata na ƙirga fa, Malam, ban yi talatin-talatin ba. Amma 28 na ba Fabrairu. Kai, ashe a nan na zame.

Isiyaku: Ni fa 92 nake samu. Ai ranar da ka karɓi kuɗi ma rana ce, ranar biya ma rana ce.

Malam Garba: Isiyaku, ka karɓa yau ka mayar gobe, kwana nawa kuɗin ya yi a hannunka? Ɗaya. Shi ya sa aka saba ƙirga ɗaya daga cikin ranakun biyu a bar ɗayar. Wanda ya haɗa da duka biyun zai kai 18,400, kuma sai in yarjejeniya ta faɗi haka ƙarara.

Maman Iman: Anya ba ruwa a kan ruwa suka ɗora miki ba? Haka aka yi wa maigidana, bashin ya yi ta hayayyafa.

Sa'adatu: A'a Yaya, wannan sau ɗaya aka lissafa shi a ƙarshe.

Bala Akawu: Nawa ya fi naki ɗaure kai. Na taɓa kwana biyu ina ƙirga kalanda, kwanakina da nasu iri ɗaya, kuɗin ya ƙi haɗuwa. Ashe da 360 suke raba shekara. In na ɗauki alƙaluman Sa'adatu, ruwan kwana ɗaya zai koma 202.78, na kwana 91 kuma 18,452.78. Rarar 252.78 ce a kan 18,200, ba ta rabuwa daidai da 200. Tun daga nan, in bambanci ya ƙi zama cikakkun kwanaki, nakan bar kalanda in koma neman abin da aka raba da shi. Yana nan a yarjejeniyar, cikin ƙananan rubutun da ban karanta ba.

Isiyaku: To ai tunda 2024 kwana 366 ce, dole da 366 za a raba. Sun cuce ki kenan.

Malam Garba: Akwai masu yin haka, kuma da nata ya zama kusan 18,150. Amma ba dole ba ne. Wasu 365 suke riƙewa kowace shekara. Takardar da ta sa wa hannu ce za ta raba gardama.

Hauwa'u: Masu aiki da Excel, a kula. In ranar farko tana A1, ta biyu tana B1:

```
=B1-A1
=DAYS360(A1,B1)
```

Na sama zai ba da 91, na ƙasa 90, don shi kowane wata talatin yake ɗaukarsa. Abin da ya taɓa kayar da ni kuwa daban ne. Na rubuta 03/04 ina nufin 3 ga Afrilu, kwamfutar ta karanta 4 ga Maris, kwana talatin suka salwanta ban lura ba sai da aka dawo min da takardar.

Bala Akawu: Akwai kuma wadda har yau muke ja da su. Na tura biya ranar Juma'a da daddare, suka rubuta ya shiga Litinin, suka caje ni kwana uku. Ina da shaidar tura kuɗin, su kuma suna cewa ranar da ya zauna a asusu suke bi.

Sa'adatu: Na duba tawa yanzu, 365 aka rubuta. Malam Bala, taka ta yi maganar biyan da ya faɗo a ƙarshen mako?

Bala Akawu: Ta ce “ranar aiki”, ba ta faɗi ƙarfe nawa ranar aikin take ƙarewa ba. Na rubuta musu ina tambaya, ina jira.