Gwajin kyauta na kwana 30: ya yi tsawo ne?

Salamu alaikum. Ina da manhajar rubuta ciniki da bashi ta masu shaguna, kuɗinta naira 3,000 a wata bayan gwajin kyauta na kwana 30. Cikin mutum 400 da suka yi rajista, 24 kacal suka biya, wato kashi 6 cikin ɗari.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne, 19 daga cikin waɗanda suka biya sun shigar da cinikin farko tun kwana 3 na farko. Waɗanda ba su biya ba kuwa, yawancinsu ba sa sake buɗe manhajar bayan mako guda. Saƙon tunatarwa da nake turawa a kwana na 25 bai canza komai ba.

Na rage gwajin zuwa kwana 14 ga mutum 100, 8 suka biya. Amma adadin ya yi kaɗan a yanke hukunci, kuma ya faɗo lokacin cinikin sallah. Ga shi masu shago sai ƙarshen wata suke lissafin riba, inda amfanin manhajar ke fitowa.

Wane ma'auni zan duba in tabbatar tsawon gwajin ne matsalar? Na gode.